Malam Inuwa da Karsanar Baffa Dikko

A Ƙofa ta ƙasar Bebeji, in ka tambayi gidan Dokta Inuwa, sai mutane su dubi juna kamar ka ambaci baƙo. In kuwa ka ce Malam Inuwa mai tsohuwar Fijo, wanda yake koyarwa a jami'a can Zariya, nan take za a nuna maka gidan da ke kusa da durumi, a kuma ƙara maka da shawara kyauta: in alfarma ka zo nema, bar kajinka a gida.

Mutum ne gajere, siriri, mai furfura ɗaiɗai a gemu. Gilashinsa kullum a kan karan hanci yake, kamar yana shawarar sauka. Ilmin kiwon dabbobi yake koyarwa, amma duk abin da ya mallaka mai ƙafa huɗu bai wuce akuyoyin matarsa Hajiya Asabe ba, su ɗin ma ba sa jin maganarsa. Daga Litinin zuwa Alhamis yana Zariya. Juma'a kuwa a Ƙofa yake sallarta, ya tuɓe babbar riga ya shiga gonar dawa, har manoma na cewa a duk dokta-doktan ƙasar nan nasu ne kaɗai yake da kanta a tafin hannu.

Halinsa gado ne. Mahaifinsa dattijo ne da ake kira in rigimar iyakar gona ta tashi, don ya san inda kowane layin gamba ya bi tun zamanin kakanni. Abin da aka san tsohon da shi, daga ranar da aka ce zai ba da shaida har a gama magana, ba ya shan ko ruwan randar ɗaya daga cikin masu rigimar. Inuwa ya taso yana ganin ubansa na dawowa daga bakin gona da busasshen maƙogwaro, alhali gidajen da ya wuce duk akwai fura. Da Allah ya kai shi jami'a, aka fara kawo masa fom na ɗalibai masu neman ƙarin karatu, sai ya ga ai aikin ubansa ne ya biyo shi cikin ambulan. Wata makaranta ce can nesa, ba ta taɓa ganin yaro ba, take tambayar wanda ya koyar da shi: me ka sani game da shi? Wannan kuwa shaida ce. Saboda haka ya kafa wa kansa doka, ba ya rubuta wa kowa takardar shaida in ya ci abin hannunsa, kuma ba ya rubuta abin da bai sani ba. Abokan aikinsa sukan yi masa tsiya cewa shi ko ɗalibi ya yi atishawa sai ya bincika kafin ya ce masa yarhamukallah.

A kakar shekarar 1988, wata Asabar da hantsi, wani tsohon ɗalibinsa ya yi sallama a zaure. Zailani Dikko sunansa, dogo, fari, ɗan Fulanin daji daga wata ruga a ƙasar Doguwa, can wajen Riruwai. Ya gama digirinsa, ya yi bautar ƙasa, yanzu yana aikin malamin dabbobi a Tudun Wada. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa, aka yi gaisuwa har aka gaji da ita. Sannan ya zaro babbar ambulan daga cikin jaka.

"Allah ya gafarta Malam, wata jami'a ce a Ingila nake neman digiri na biyu, kan cututtukan dabbobin ƙasashe masu zafi. Masu shaida biyu suke so. Shugabana na wurin aiki ya aika tasa. Saura ta malamin da ya koyar da ni."

Malam Inuwa ya gyara gilashi ya karanta takardar a tsanake. Tambayoyin da ya saba gani ne: tun yaushe ka san shi, a wane matsayi, ina ka ajiye shi a cikin ɗaliban da ka koyar, yaya Turancinsa, kana ganin zai iya karatun. A ƙasa an rubuta cewa sirri ce, mai shaida ne zai liƙe ta da kansa, ya sa hannu a kan bakin ambulan, ya aika kai tsaye. In ba ta isa ba kafin ƙarshen shekara, ba za a duba takardun yaron ba sam, kuma in babu gurbin karatu a hannu, hukumar ba da tallafin karatu ba za ta ko saurare shi ba.

"To, wasiƙar jirgi takan yi sati biyu ko uku a hanya, in ta ga dama," in ji Malam. "Muna da ɗan lokaci, amma ba na wasa ba. Ni na duba aikin bincikenka na kaska, na san abin da zan ce a kai. Sai dai akwai ramin nan."

Zailani ya sunkuyar da kai. Ya san ramin. A shekararsa ta biyu ya faɗi darasin ƙididdiga warwas, sai da ya maimaita. Ya ɓace daga makaranta makonni da yawa ana dab da jarrabawa, da ya dawo aka tambaye shi dalili, ya ce lalura ce ta gida, bai ƙara ko harafi ba.

"Malam, da za a bar wannan maganar..."

"A bar ta ina? Tana cikin takardar sakamakonka, jami'a za ta aika musu, kuma Turawan nan suna da ido. Karatun cututtuka kuwa rabinsa ƙididdiga ne, nan za su fara dubawa. In na yi shiru su ce ban san ka ba, ko na sani na ɓoye. Me ya faru a shekarar nan?"

"Lalura ce, Malam."

"Har yanzu lalurar ba ta yi suna ba? Shekara biyar ai ko jariri ya shiga firamare."

Zailani ya yi murmushi kawai. Malam ya ce ya je, zai yi tunani a kai, in Allah ya kai mu sati mai zuwa zai buga takardar.

Juma'ar da ta zagayo, yana shigo da Fijo ƙofar gida, ya ga mutane sun taru gindin durumi suna kallon wani abu. Ya fito ya leƙa. Karsana ce fara tas, mai baƙin hanci da ƙaho kamar an zana, ɗaure a turke, tana cin harawar da ya tanadar wa akuyoyi. Hajiya Asabe na tsaye a bakin zaure, fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka ta biyu.

"Hajiya, baƙuwar wa?"

"Taka ce, Malam. Ƙanen mahaifin yaron nan Zailani ne ya kawo ta shekaranjiya. Ya ce Baffa Dikko na gaishe ka, ya ji kai ne za ka tsaya wa ɗansa a wurin Turawa, ya ce wanda ya tsaya wa ɗanka ai ya zama ɗan'uwa."

Malam Inuwa ya zauna a kan dakali bai shirya ba. "Inna lillahi. Kin karɓa?"

"To in ce masa me? Dattijo ya taso tun daga Doguwa da saniya, in ce ya juya? Kai ma da kana nan kunya za ta hana ka."

"Kin san ba zan iya taɓa takardar nan ba muddin dabbar nan tana gidan nan."

"Ita karsanar ce za ta riƙe maka hannu? Malam, shekara nawa kana koya wa 'ya'yan mutane kiwon shanu a allo, yau Allah ya kawo maka ta gaske, ka ce ba ka so. Ni har na raɗa mata suna."

"To ki warware sunan."

Wani tsoho cikin masu kallo ya ce, "Malam, a yi hattara dai. Bafulatani in ya ba ka saniya, ransa ya ciro ya ba ka. In ka aika masa da ita, ka yanke zumunci har jikoki."

Malam ya san gaskiya tsohon ya faɗa. In ya riƙe karsana, shaidarsa ta zama sayayya a wurinsa, ko da duniya ba ta sani ba. In ya tura ta a mota da ɗan saƙo, ya ci mutuncin dattijon da bai nufe shi da komai ba sai alheri. In kuwa ya zauna yana jujjuya magana, kwanaki na tafiya, yaro ya rasa shekara. Ya dubi karsana, ita ma ta dube shi tana tuƙa.

"Abin da ba a aikawa, kai shi ake yi," in ji shi. "A nemo mini Mamman mai a-kori-kura."

Washegari da sassafe aka ɗora karsana a bayan mota, bayan ta nuna wa majiya ƙarfi huɗu cewa ita ba ta gaji da Ƙofa ba. Malam ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya sayi ƙwaryar goro, ya shiga gaba kusa da Mamman. Suka bi ta Kwanar Ɗangora suka miƙa Tudun Wada. Duk inda suka tsaya sai wani ya leƙo ya taya karsana, Mamman na amsawa da cewa ba ta sayarwa ba ce, ganin gida za ta.

A Tudun Wada suka tarar da Zailani a bayan ofis, hannu dumu-dumu, yana duba bakin wani bijimi. Da ya hango abin da ke bayan mota sai ya tsaya cak. Ya san ta, ya san uwarta.

"Wallahi Malam ban sani ba. Ce masa kawai na yi kai ne za ka rubuta."

"Na san ba ka sani ba. Wanke hannu ka shigo, kai ne jagora."

Suka ratsa dajin Falgore, suka wuce Doguwa, suka saki kwalta suka kama wata hanya da Mamman ya rantse ba mota aka yi wa ita ba. Duwatsun Riruwai na gabansu lokacin da suka hango bukkoki a gefen wata gonar da aka girbe, shanu na kiwo a cikin kara.

Baffa Dikko dattijo ne dogo, ramamme, da malfa da sanda. Ya tarbe su da murna, ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗorawa. Ya ga karsana sarai, amma ya yi kamar bai gan ta ba, ya shiga gaisuwa: ya hanya, ya iyali, ya ɗalibai, ya Zariya, ya mota. Aka kawo ƙwaryar kindirmo da fura. Malam Inuwa, wanda tun safe bai sa komai a cikinsa ba, ya dubi ƙwaryar nan da kewa, ya ce a ajiye masa tukuna. Nan fuskar dattijo ta fara canjawa.

"Modibbo," in ji Dikko, don haka Fulani ke kiran malami, "nonon namu ne bai yi ba, ko saniyar ce ta yi ƙanƙanta?"

"Baffa, ban taɓa ganin karsana mai kyanta ba, kuma aikina ke nan. Matata ma har yanzu ba ta yi mini magana. Abin da ya kawo ni da ƙafata, ban aiko ba, shi ne girmanka. Ina da tambaya. In ka kai sa kasuwa, baƙo zai saya, ya ce a kawo wanda zai shaida ba na sata ba ne, sai aka kawo mutumin da ke da kaso a cikin kuɗin san. Shaidarsa ta ci?"

"Ba ta ci ba."

"To ni ne mutumin nan. Turawa sun tambaye ni halin ɗanka. In saniyarka na turkena, bakina ya zama naka."

Dikko ya yi zane a ƙasa da sanda. "Su Turawan za su zo Ƙofa su leƙa turkenka?"

"Ba za su zo ba."

"Wa zai gaya musu?"

"Ba kowa."

"To wa ya sani?"

"Ni da kai da Allah. Da kuma mutanen Ƙofa gaba ɗaya, don tun ranar Laraba ba su da wata hira."

Dattijo ya yi dariya kaɗan, ba da son ransa ba. "Kai Kaɗo, wuyar sha'ani gare ka. Na ji maganarka, kuma magana ce. Amma ka ji tawa. Na tara 'yan'uwana, na kama igiyar nan a gabansu na ce na bayar. Abin da na ce na bayar ba ya komawa garkena. In ya koma, gobe in na yi magana wa zai ɗauka? Kai kana tsare bakinka, ni ma nawa nake tsarewa."

"Gaskiya ne."

"To na ba matarka."

"Tukunyarmu ɗaya, Baffa."

"Ka riƙe ta amana, in ka gama rubutun ta zama taka."

"Wannan ai an ɗaga ranar biki ne kawai, ango bai canja ba."

Mamman ya riga ya sauke karsana, tana tsaye tsakanin mota da garke, ba ta san inda za ta nufa ba. Zailani na can gefe a tsugune, ya ƙura wa ƙasa ido, don ɗan fari ne, ba ya sa baki a gaban mahaifinsa, mahaifin ma ba ya kama sunansa.

Wani mutum mai matsakaicin shekaru, da riga duk faci, ya zo ya kama igiyar don kada ta shiga gonar mutane. Ya shafa wuyanta, ya yi mata magana da Fulatanci, ta kwantar da kai. Malam ya tambayi ko wane ne.

"Rufa'i ne, maƙwabcinmu," in ji Dikko. "Da yana da garke ya fi nawa. Shekarar bushiya ta share shi tas. Yanzu kiwon shanun wani Alhaji yake yi."

Malam Inuwa ya san shekarar. Bushiya, annobar shanun nan ta 1983, ta bi ƙasar nan kamar gobarar daji. Ya lissafa a ransa, sai ya juya ya dubi Zailani.

"Baffa, a shekarar nan ɗalibina ya ɓace mini ana dab da jarrabawa. Nan ya zo?"

Dikko ya kau da kai. "Yaron nan? Ya zo ya dame mu dai."

Rufa'i ne ya karɓe zancen, da Hausarsa mai karyayyen harshe. Ya ce yaron ya iso ya tarar shanu na zubar da hawaye da yawu, suna zawo suna faɗuwa. Ya ce a raba masu ciwo da masu lafiya, a daina shayar da su a mashaya ɗaya, a binne waɗanda suka mutu. Dattawa suka ce yaushe aka haife shi. Ya tafi har Tudun Wada, ya yi ta zarya sai da ya taho da masu allurar rigakafi. Da suka zo, mutane suka kora shanunsu cikin duwatsu, don an ce dabara ce ta ƙirga dabbobi a dawo da jangali. Yaron ya bi ruga-ruga yana roƙo. Ubansa ne ya fara yarda, shi ma don kunyar baƙi. Waɗanda aka yi wa allura aka tsaga musu kunne, yawancinsu suka tsira.

"Ni ina cikin waɗanda suka gudu," in ji Rufa'i. "Ya biyo ni har bayan dutse. Na ce masa ya koma wurin Turawansa." Ya yi murmushi, ya ci gaba da shafa wuyan karsanar.

Malam ya cire gilashi ya goge, ya mayar. "Zailani, wannan ce lalurar?"

"Ita ce, Malam."

"Me ya hana ka faɗa? Da ka rubuto, da an ɗage maka jarrabawar."

Dikko ne ya amsa. "Mutum ya tsaya gaban baƙi ya ce shanun ubansa na mutuwa? Ba mu yin haka."

"To yanzu ina neman izini in faɗa wa baƙin da suka fi ni zama baƙi. Za su ga ya faɗi jarrabawa, ba za su san dalili ba. In na gaya musu, za su gane irin mutumin da ke neman ƙofarsu. Abin da za su koya masa ke nan, shi kuwa ya riga ya yi shi da ƙafarsa. In kun ce a'a, ba zan rubuta ba, sai in ce ya faɗi ya maimaita ya ci, in tsaya nan."

Dattijo ya gyara zama. "Rubuta. Amma kada ka sa adadi. Ba a ƙirga mini shanu, ko matattu."

"Ko na so ban san adadin ba, Baffa."

Saura karsana. Malam ya dubi Rufa'i, ya dubi Dikko, ya ga dattijon ma can yake kallo.

"Baffa, ni ba zan iya bayar da ita ba, don ban karɓa ba."

"Ni ma ba zan iya ba, don na riga na bayar."

"To igiyar ai tana da tsawo."

Suka miƙe tare. Dikko ya karɓi igiya daga hannun Rufa'i ya kama kusa da wuya, Malam ya kama ƙarshenta, babbar riga na jan ƙasa. Suka miƙa masa a tare. Dikko ya ce, "Modibbo ya ba ka." Malam ya ce, "Baffa ya ba ka." Rufa'i ya tsaya da igiya a hannu yana duban wannan yana duban wancan. Da ya rasa wanda zai yi wa godiya, sai ya juya gabas ya yi wa Allah, ya ja karsanarsa ya yi bayan bukkoki da sauri don kada a ga idonsa.

Dikko ya tura ƙwaryar fura gaban baƙonsa. "Yanzu fa?"

"Sai na sa takarda a gidan waya, Baffa. Ranar zan dawo in sha har in nemi ƙari."

"Kai, Allah ya sawwaƙe wa matarka," in ji dattijo. Mamman dai ba shaida zai bayar ba, ya shanye tasa ya shanye ta Malam.

Ranar Lahadi Malam Inuwa ya fito da tafiretarsa zaure, ya sa takarda mai tambarin sashensu da kabon a ƙasa, ya shiga bugawa da yatsa biyu kamar kaza na tsattsagar tsaba. Ya rubuta cewa ya san Zailani tun shigarsa jami'a, ya koyar da shi darussa uku, ya duba bincikensa na shekarar ƙarshe a kan kaska, wanda yaron ya tattara samfurinsa da kansa daga rugage. Ya ce a cikin ɗaliban da ya koyar yana sa shi a sahun farko na 'yan kaɗan, ba shi ne na ɗaya ba. Turancinsa na rubutu mai kyau ne, amma ba ya son magana a taro, sai an tambaye shi. Ya kawo maganar ƙididdiga ƙarara: ya faɗi, ya maimaita, ya ci da matsakaicin maki, kuma har yanzu nan ne rauninsa. Sannan ya ba da dalilin faɗuwar, ya bayyana cewa wannan ɓangaren bai gani da idonsa ba, ya ji ne daga bakin mahaifin yaron da wani makiyayi da abin ya shafa, a rugarsu. Ya rufe da cewa yana ba da shawarar a ɗauke shi ba tare da wata tantama ba.

Hajiya Asabe ta leƙo ta ce, "Duk wannan ƙwanƙwasar, da ka bar mini karsanata da yanzu ka gama."

"Da yanzu ban fara ba, Hajiya."

Ya cike fom ɗin, ya haɗa da wasiƙar, ya liƙe ambulan, ya ja sa hannunsa a kan bakinta. Litinin da safe, maimakon ya yi kudu zuwa Zariya, sai ya juya Fijo ya yi Kano, ya bi layi a babban gidan waya, ya aika ta jirgi da rajista, ya karɓi rasit ya soke a aljihu. Ɗalibansa na ranar suka yi ta murna Malam ya makara, karo na farko a tarihi.

Amsa ba ta zo ba sai da zafin bazara ya kankama. Wata Asabar Zailani ya sauka daga babur ɗin ofis, ya manta bai tuɓe takalmi ba sai da ya kai tsakiyar zaure, ya koma ya tuɓe. Ya miƙa takarda da hannu biyu. Malam ya karanta sau ɗaya da sauri, ya sake karantawa a hankali yana bi da yatsa. Sun ba shi gurbi. Sharaɗi ɗaya suka sa: ya iso kafin a buɗe zango, ya yi ɗan kwas na ƙididdiga, ya ci.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam. "Ka kai wa hukumar tallafi kwafi?"

"Jibi zan kai, in sha Allahu."

"Gobe za ka shirya takardun, jibi kana ƙofarsu kafin masinja. Baffa ya ji?"

"Ya ji. Cewa ya yi wa zai riƙa duba masa shanu."

"To ya yi murna ke nan." Malam ya ninke takardar ya mayar masa, ya tashi ya shiga ɗaki. Ya jima yana motsi da akwatuna, sannan ya fito da wani littafin ƙididdiga mai kauri wanda gara ta ɗanɗana gefensa, ya kaɗe shi a gwiwa ya ajiye a tabarma.

"Daga yau duk Asabar ka zo da hantsi, har ranar da za ka hau jirgi. Na gaya wa mutanen nan za ka iya, ba za ka je ka mai da ni maƙaryaci ba. Matso kusa. Buɗe babi na farko."

Zailani ya matso, ya buɗe. Malam ya ɗaga murya ya ce wa Hajiya a ƙara hannu a tuwon rana, baƙon nan ba yanzu zai tafi ba.